Me ya sa "rn" ke komawa "m" a hoton ƙananan rubutu?

Mutum ya ɗauki hoton takardar da ke cikin kwalin magani, ko ƙananan sharuɗɗan da ke ƙasan wata yarjejeniya, ya tura wa wani, sai wanda aka tura wa ya ce shi fa "kuma" yake gani a inda takardar ta ce "kurna". Wanda ya ɗauki hoton ya duba takardar da ke hannunsa, ga r ga n a fili. Ya duba hoton, sai ya ga lallai m ce. Waye ya canza harafin? Kyamarar ce ba ta da kyau, ko manhajar da aka tura hoton ta cikinta, ko kuwa idon mai karatu ne?

Yawancin mutane kan ɗora laifin a kan kyamara, su ce megafiksel ɗinta ba su da yawa. Wasu kuma gani suke in an faɗaɗa hoton da yatsu biyu komai zai bayyana. Duka biyun ba su kama bakin zaren ba. Gaba ɗaya maganar a kan wani ɗan farin gurbi take, wanda faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da kuma abin da ke samunsa tun daga kan takarda har zuwa fuskar waya.

## Abin da ya raba haruffan tun a kan takarda

A dubi ƙirar haruffan. Ƙaramar m ƙafa uku gare ta da baka biyu a sama. Ƙaramar n ƙafa biyu da baka ɗaya. Ita kuwa r ƙafa ɗaya ce da ɗan hannu da ya miƙe dama daga sama, wato farkon baka da ba a ƙarasa ba. In aka jera r da n, an sami ƙafa uku, da cikakken baka ɗaya, da wani bakan da saura ƙiris ya cika. Wannan ƙiris ɗin, tsakanin bakin hannun r da ƙafar n ta farko, shi ne kusan dukan bambancin.

Masu zana haruffa sukan raba girman rubutu gida dubu su auna kowane harafi da shi. A salon rubutun Helvetica, da Arial da aka yi a kan ma'auni ɗaya da shi, r tana cin gida 333, n tana cin 556, m kuma 833. Haɗa r da n ka sami 889. Ke nan rn ta fi m faɗi da gida 56 kacal, kusan kashi bakwai cikin ɗari. A Times ma haka abin yake: rn 833, m 778. Don haka faɗi ba zai taimaki ido sosai ba.

Shi gurbin da ke tsakanin hannun r da ƙafar n, a Helvetica kimanin gida 66 ne. Yanzu a mayar da wannan zuwa awon gaske. Lambar girman rubutu da ake zaɓa a kwamfuta, kowace ɗaya kashi ɗaya ce cikin 72 na inci, wato kimanin milimita 0.35. Rubutu mai lamba 6, irin wanda ake yawan gani a takardun magani da ƙasan yarjejeniyoyi, girmansa milimita 2.1 ne. Tsayin ƙananan haruffa marasa kai da jela, irin su r da n da m, kusan rabin haka ne, milimita 1.1. Gurbin namu kuwa milimita 0.14.

Akwai abin da ya ƙara tsananta lamarin. Gurbin ba ya da tsawo. Daga ƙarƙashin hannun r zuwa ƙasa, fari ne a rn, fari ne a m, babu abin da zai bambanta su. A can sama kawai, daidai kaurin hannun, ake da wurin da rn ke da fari m ke da baƙi. Ɗan tabo ne guda. In ya cike, babu wata shaida ta biyu mai ƙarfi da za a koma gare ta.

Kuma tun kafin kyamara ta zo, gurbin yakan fara tsukewa. Tawada tana ɗan bazuwa a cikin takarda, musamman takarda mai laushi irin ta jarida. Bazuwar da ba ta wuce milimita 0.02 a kowane gefe ba ta riga ta cinye fiye da rubu'in gurbin. In kuma mai tsara shafi ya matse haruffa don rubutu mai yawa ya shiga ƙaramin wuri, wanda shi ne dalilin yin ƙananan rubutu tun farko, sai ya ƙara ragewa. Masu sana'ar ɗab'i sun daɗe da sanin wannan. A 1978 Matthew Carter ya zana salon Bell Centennial don littattafan lambobin tarho, ya yi wa haruffan ƴan ramuka a kusurwoyi domin tawada ta sami wurin zuwa ba tare da ta toshe harafi ba.

## Lissafin hoto guda, daga takarda zuwa waya

Hoton waya ƴan ɗigo ne jere a layi-layi, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake ɗauka. Ba zai iya zama rabi fari rabi baƙi ba. In fari da baƙi suka faɗo a cikinsa tare, sai ya gauraya su ya ba da toka-toka.

A ɗauki kyamara mai megafiksel 12, wadda hotonta ke da ɗigo kusan 4000 a tsawo da 3000 a faɗi. A ɗauki hoton takarda A4 gaba ɗayanta, mai tsawon milimita 297. Da yake ba a rasa ɗan gefen tebur a cikin hoton, a ce kowace milimita ta sami ɗigo 12. Tsayin ƙaramin harafi zai zama ɗigo 13, gurbin da ke tsakanin r da n kuma ɗigo 1.7. Ana iya ganinsa, amma da ƙyar, kuma sai in komai ya tafi daidai.

Sai a tura hoton ta manhajar hira. Irin waɗannan manhajoji sukan rage hoto don kada ya ci data. A ce an rage tsawon daga 4000 zuwa 1600. Yanzu kowace milimita ɗigo biyar take da shi, ba su ma cika ba. Harafin ya koma ɗigo biyar da ɗoriya, gurbin kuma kashi bakwai cikin goma na ɗigo ɗaya.

A nan ne abin ke da daɗin dubawa kusa-kusa. Kwamfuta tana auna haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. In gurbin ya yi sa'a ya faɗa cikin ɗigo ɗaya gaba ɗayansa, ɗigon zai zama kashi 70 fari, kashi 30 baƙi, lambarsa wajen 178. Toka ce mai haske, ido zai ga alamar rabuwa. In kuwa gurbin ya faɗa a kan iyakar ɗigo biyu, rabi nan rabi can, kowanne zai sami kashi 35 na fari kawai, lambarsa wajen 89. Toka ce mai duhu, kuma tana zaune tsakanin baƙi da baƙi. Hannun r ya manne da ƙafar n, m ta fito.

Wannan ne ya sa a hoto ɗaya, a layi ɗaya ma, za ka ga "murna" ta fito daidai a farkon layi, amma a ƙarshensa ta zama "muma". Takarda ɗaya, haske ɗaya, kyamara ɗaya. Bambancin kawai inda gurbin ya faɗa a kan jerin ɗigon, kuma wannan dace ne. Ƙa'idar da ke bayan haka tsohuwa ce, ana danganta ta da Harry Nyquist da Claude Shannon: in kana so ka kama abu mai sauyawa, fari, baƙi, fari, dole ma'auninka ya fi sauyin yawa aƙalla ninki biyu. A aikace, gurbin da ba a ba shi ɗigo biyu ko uku ba, ba a dogara da shi.

## Abubuwan da ke shafe gurbin ko da ɗigon sun isa

Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa kowane ɗigo yana ganin nasa wurin tsaf. Ba haka yake ba.

Na farko rawar hannu. A cikin ɗaki mai ƙarancin haske, kyamara takan bar idonta a buɗe na tsawon lokaci don ta tara haske, misali kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. In hannu yana motsi da gudun milimita uku kacal a daƙiƙa, wanda mai riƙe da wayar ba zai ma ji ba, hoton zai goge da milimita 0.1. Gurbinmu 0.14 ne. Kuma alkiblar motsin tana da tasiri: motsi sama da ƙasa ba ya yi wa rn ɓarna sosai, domin yana bin tsawon ƙafafun ne, amma motsi hagu da dama yana jawo baƙin hannun r kai tsaye cikin gurbin. Shi ya sa hotuna biyu da aka ɗauka a jere, ɗaya ya karantu ɗaya ya ƙi.

Na biyu saitin gani. Takardar da aka ɗauka a karkace, ko wadda ta lanƙwashe kamar tambarin da ke jikin kwalba, ba za ta zauna a nisa ɗaya da kyamara ba. Tsakiya ya fito ras, gefe ya dushe. Dushewar da ba za ta hana karanta manyan haruffa ba ta isa ta cike gurbi.

Na uku yadda kyamara ke ganin launi. A yawancin kyamarori kowane ɗigo launi ɗaya yake ji: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Sauran launukan biyu, waya ce ke ƙiyasta su daga ɗigon maƙwabta. Ƙiyasi daga maƙwabta kuwa gauraya ce. Don haka megafiksel 12 da aka rubuta ba ya nufin ƙananan bayanai miliyan 12 masu zaman kansu. Baƙin rubutu a kan farar takarda yana tsira da dama-dama. Jan rubutu a kan shuɗi, irin na kwalaye, shi ne ke shan wahala.

Daga nan sai gyaran da waya ke yi da kanta. Tana goge ƙura, wato ƴan tabo-tabon da ƙarancin haske ke jawowa a hoto, kuma a wurinta ɗan tabo mai haske a tsakiyar baƙi kama yake da ƙura. Bayan ta goge, sai ta kaifafa gefen haruffa don hoton ya yi kyau a ido. Sakamakon shi ne mafi haɗari a ganina: harafin da ya kamata ya fito a dushe, ya gargaɗi mai karatu cewa akwai shakka, sai ya fito a matsayin m mai kaifi, tsaf, babu alamar matsala. A ƙarshe tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana yanka hoto murabba'i-murabba'i, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya zubar da mafi ƙanƙantar sauye-sauye a cikin kowanne don rage nauyi. Harafi mai tsayin ɗigo biyar bai ma cika murabba'i ɗaya ba, kuma gurbin shi ne mafi ƙanƙantar sauyi a cikinsa. Duk lokacin da aka sake ajiye hoton da wannan tsari, ana iya sake zubar da wani abu.

## Ido da manhaja duk cike gurbi suke yi

Ido mai lafiya yana raba abubuwa biyu in tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A nisan karatu, wajen santimita 35, wannan ya yi daidai da milimita 0.1. Ke nan ko a kan takardar kanta, gurbin 0.14 yana dab da iyakar abin da ido ke iya rabawa. Abin da ke ceton mu shi ne ba harafi-harafi muke karatu ba. Wanda ya ga "babban bimi" zai karanta "babban birni" ba tare da ya lura ba, domin babu kalmar "bimi" da zai yi tsammani a wurin.

Matsalar tana tasowa ne a wurare biyu. Ɗaya, inda kalmomin biyu duk suke da ma'ana, kamar kurna da kuma, ko darni da dami. A nan ƙwaƙwalwa takan zaɓi wadda ta fi sabawa da ita, shi ya sa rn ke komawa m fiye da yadda m ke komawa rn. Biyu, inda babu ma'anar da za a jingina da ita sam: adireshin imel, kalmar sirri, lambar kaya, sunan mutum daga wata ƙasa, sunan magani.

Manhajar da ke ciro rubutu daga hoto, wadda ake kira OCR, ita ma haka take, sai dai ta fi mutum gaggawar yanke hukunci. Da yawa daga cikinsu sukan fara da mayar da hoton baƙi da fari zalla: a sa iyaka, misali 128, duk ɗigon da ya haura ya zama fari, wanda ya gaza ya zama baƙi. A tuna lambobin nan biyu na baya. Mai 178 ya zama fari, an sami rn. Mai 89 ya zama baƙi, an sami m, kuma tokar da take ɗauke da ragowar shaida ta tafi ke nan. Masu kula da Tesseract, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin wannan aiki, suna ba da shawarar ɗigo 300 a kowane inci, suna kuma gargaɗin cewa in tsayin ƙaramin harafi ya gaza ɗigo goma, da wuya a sami sakamako mai kyau. Hotonmu na asali yana da 13, wanda aka tura yana da biyar.

Ba rn kaɗai ba ce. Haka cl ke zama d, vv ke zama w, ri ke zama n in ɗigon i ya dushe. A rubutun Hausa akwai ƙari: lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce kamar wannan gurbin, kuma hanya ɗaya take bi ta ɓace, har ƙafa da kafa su zama abu guda.

Wani lokaci ma na'ura ba dushewa take yi ba, musanyawa take yi. A 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya gano cewa wasu sikanonin Xerox suna mayar da 6 ta zama 8 a ƙananan rubutu. Tsarin matse hoton da suke amfani da shi, JBIG2, yana ajiye siffa ɗaya ya riƙa maimaita ta a duk inda ya ga mai kama da ita. Dalilin ya bambanta da namu, amma illar iri ɗaya ce: harafi tsaf a ido, alhali ba shi ne a takarda ba.

## Masu cin moriyar ruɗanin

Ƴan damfara sun san wannan sarai. Sukan yi rajistar adireshi irin rnicrosoft.com, da r da n a farko, su aika saƙo da shi, suna sane da cewa a ƙaramin rubutun fuskar waya ido zai karanta sunan da ya saba gani. Ƙungiyar Unicode, mai kula da tsarin haruffan kwamfuta, ta sa m da rn cikin jerin haruffan da ake iya ruɗewa a kansu. A wannan yanayin faɗaɗawa tana aiki, domin rubutun da ke cikin saƙo ba hoto ba ne: waya tana sake zana shi daga tushe a kowane girma, gurbin ya buɗe. Amma in hoton fuskar waya aka turo maka na saƙon, ka koma matsalar farko.

Wannan bambancin ne mutane suka fi kuskurewa. Faɗaɗa hoto ba ya ƙara ɗigo na gaskiya, yana kumbura waɗanda ake da su ne. Ɗigo mai lamba 89 zai zama babban tabo mai lamba 89. Manhajojin da ke alkawarin gyara dusasshen hoto kuwa zato suke yi, su zana abin da ya fi kama da daidai. Ga hoton fuska wannan ba laifi. Ga lambar kaya ko sunan magani, zaton da aka zana da kyau ya fi dushewa muni.

## Yadda ake ganewa, da yadda ake kauce masa

In hoton ne kaɗai a hannu, a faɗaɗa shi har ɗigon su fito, a ƙirga nawa ne daga ƙasan harafin n zuwa samansa. In ba su kai goma ba, kada a amince da kowace m da ke cikin kalmar da ba a sani ba. Sannan a nemo m ta tabbas a shafin, cikin kalmar da babu shakka a kanta, a kwatanta. M ta gaskiya bakanta biyu iri ɗaya ne, duhunsu ɗaya, faɗin ɗakunanta biyu ɗaya. Rn da ta manne takan ɗan fi faɗi, bakanta na farko yakan yi haske ko ya ɗan lotsa dab da ƙafa ta biyu. Alamu ne masu rauni, kuma a hoto mai ɗigo biyar ba lallai su fito ba. In kuskuren zai jawo asara, a nemi sabon hoto.

Wajen ɗaukar sabon, matsowa ta fi komai. In aka ɗauki rubu'in takardar maimakon dukanta, kowace milimita za ta sami ɗigo 24 maimakon 12, gurbin ya haura ɗigo uku. Ko an rage hoton wajen turawa, harafin zai tsira da ɗigo goma ko sha ɗaya. Hotuna huɗu na wayar da ba ta da tsada sun fi hoto ɗaya na mai tsada. Sai dai matsowa tana da iyaka: kowace kyamara tana da nisan da in an wuce shi ba ta iya saita gani, kuma dusasshen hoto na kusa bai fi na nesa ba. In rubutun ya ƙi fitowa ras a fuskar waya, a ɗan ja baya.

Haske mai yawa yana rage lokacin da idon kyamara ke buɗe, don haka yana rage gogewar rawar hannu, yana kuma rage ƙurar da waya za ta goge. Hasken rana daga taga ya fi filasha, wadda ke ƙyalli a kan takarda mai sheƙi. A shimfiɗa takardar, a riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba, a dafa gwiwar hannu a kan tebur. Wajen turawa, a tura hoton a matsayin fayil, domin ta wannan hanyar manhajoji ba su cika taɓa girmansa ba.

Mai tsara rubutun ma yana da nasa rabon. Salon da ke ba haruffa sarari, kamar Verdana da Carter ya zana don fuskar kwamfuta a 1996, yana barin gurbi mai faɗi fiye da Arial a girma ɗaya. Inda kuskure ba shi da wurin zama, akan kauce wa ƙananan haruffa gaba ɗaya. Layukan da ke ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, da salon OCR-B na Adrian Frutiger ake buga su, kowane harafi da faɗi ɗaya, kuma manyan haruffa ne zalla, inda R da N ba su da wata kama da M.